Gaskiyar kujera tana bayanta

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini hoton wata kujerar yara ta mota da wani ɗan gwanjo ke talla. Ja ce, yadinta tas, bel ɗinta a jere. Ta rubuto: "Yaya, dubi wannan, 'yar Turai ce, kuma da araha. In saya wa yaron?" Yaron watansa huɗu, nauyinsa kilo 6.

Na ce mata kada ta yi cinikin biri a sama. Wannan hoton fuskar kujera ya nuna, fuska kuwa yadi ce kawai, ana wanke ta, ana ma sauya ta. Ta ce wa mai kaya ya kifa kujerar, ya ɗauko bayanta da ƙasanta, kusa-kusa yadda rubutu zai karantu.

Abin da nake nema wata 'yar sitika ce ruwan goro. Duk kujerar da ta ci gwajin da ake bi a Turai tana ɗauke da ita a jikin robarta. A samanta ana rubuta ƙa'idar da aka gwada kujerar da ita: ko ECE R44, tsohuwar, ko R129, wadda ta fara aiki a 2013. Tsohuwar da nauyin yaro take lissafi. Sabuwar da tsawonsa take yi, kuma ta ƙara gwajin karo daga gefen mota. A tsakiyar sitikar akwai da'ira mai harafin E da lamba, lambar kuwa ƙasar da ta amince da kujerar take nunawa: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Mutane kan ɗauka can aka ƙera ta, alhali wurin da aka ba ta shaida ne kawai.

Da hoto na biyu ya iso, sitikar tana nan. E4 ce. Amma layi biyu sun gama maganar. Na farko an rubuta 9-18 kg. Wato kujerar yaron da ya iya zama da kansa ce, mai fuskantar gaba. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, idan direba ya taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kansa mai nauyi zai fizgu gaba, wuyan ne zai ɗauki duk wahalar. Irinsa kujera mai kallon baya yake bukata, wadda aka rubuta mata 0-13 kg, domin ita bayanta ne ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar R129 ta wajabta yaro ya kalli baya har ya kai wata 15.

Layi na biyu shi ne doguwar lambar da ke ƙasan da'irar. Lambobi biyun farko ne ke faɗin zubin ƙa'idar. Tamu da 03 ta fara, zubin da ya fito a 1995, wanda 04 ya gada bayan shekara goma. Sai na ce a ƙara duba jikin robar, akwai wani ɗan zagaye kamar agogo da ake bugawa tun a masana'anta: kibiya tana nuna wata, lambobin tsakiya suna nuna shekara. An samu 08. Masu ƙera kujerun kan ba su wa'adin shekara shida zuwa goma, saboda roba tana tsufa ta yi ƙarau. Balle motar da ke yini cikin ranar Kano a watan Afrilu.

Ta ce: "To Yaya, da sitikar ta yi daidai, shi ke nan in biya?" Na ce a'a. Sitika shaidar ranar da kujera ta fito daga masana'anta ce, ba ta ba da labarin abin da ya same ta daga baya. Kujerar da aka taɓa yin haɗari da ita tana iya tsagewa a ciki, yadi ya rufa mata asiri. Dole mutum ya je da ƙafarsa, ya yaye yadin, ya duba farin soson da ke ƙarƙashi ko ya karye, ya nemi fari-farin tabo inda roba ta tanƙware, ya ja bel ya ji ko makullinsa yana kamawa da ƙara. Kujerar da aka ɓare sitikarta kuwa, ko ta nawa ce, a bar wa mai ita.

Abin lura a nan, mai sayarwa gefen da ya fi kyau yake ɗauka, kuma ba sai ya yi ƙarya ba kafin mai saye ya ruɗu. Aikin mai saye ne ya san inda shaida take, ya ce a juya masa. Ƙanwata ta bar jar kujerar. Wadda ta saya daga baya toka-toka ce, ba ta ɗaukar ido, amma sai da ta kifa ta a gaban mai shago ta karanta sitikar kafin ta tambayi kuɗinta.