Ƙarin farashi a inuwar haraji

A ranar 1 ga Yuli 2020 Saudiyya ta ɗaga harajin saye da sayarwa daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Ga mu masu kwangilar kula da na'urorin sanyaya ɗaki, jarrabawa ce: kowa ya san farashi zai hau, don haka duk abin da ka ɗora, gwamnati za a zarga.

A ɗauki kwangilar riyal 1,000 a shekara. A da, haɗe da haraji, 1,050 ce. Yanzu ta koma 1,150. In na ƙara 100 saboda tsadar kayan gyara, mai gida zai biya 1,265. Cikin ƙarin 215, riyal 100 nawa ne, 15 kuma harajin da ƙarina ya jawo. In na ce masa "haraji ne", ban yi tsagwaron ƙarya ba, amma na bar shi da zaton da na san kuskure ne. A ganina wannan algus ne, ko da a magana aka yi shi, ba a mudu ba.

Shi ya sa nake raba su a takardar sanarwa: ga na hukuma, ga nawa da dalilinsa. Ina aikawa wata guda kafin sabunta kwangila, nawa ƙarin kuma ba ya taɓa wadda ke gudana.

Za a ce wata guda ya ishe shi neman wani mai gyara. Haka ne, kuma haƙƙinsa ne. Wanda aka sanar da shi ranar biya, cikin zafin Yuli, ba zai iya cewa a'a ba.