Shin Ban Haƙuri Kaɗai Yana Sauke Nauyin Alkawari?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Wata mai sayar da atamfa ta intanet a Kano ta karɓi Naira 30,000 daga wata mata a Kaduna, bisa alkawarin kaya za su isa ranar Alhamis, kafin biki. Sai ta yi sakaci, ba ta kai su tasha ba sai Asabar. Shin "yi haƙuri" ta wadatar?

Ba ta wadatar ba. Kuɗin da aka biya tun kafin a ga kaya sun mai da kayan bashi a wuyanta, kuma Manzon Allah (SAW) ya kira jinkirin mai hali zalunci. In ta ɗora wa direba laifi, ta haɗa ƙarya da saɓa alkawari, biyu daga alamomin munafuki.

Abin da ya dace ta rubuta shi ne: "Hajiya, laifina ne, ban kai kayanki tasha da wuri ba. Za su iso Lahadi, kuɗin mota a kaina. In ba ki bukatarsu kuma, yau zan mayar miki da kuɗinki cif."

Zaɓin nan shi ne adalci, domin atamfar biki bayan biki ta rage amfani. Yafe kuɗin mota kuwa kyautatawa ce, kamar yadda Annabi (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi.

Allah Ya ba da ikon cika alkawari, amin.