Ka San Sunan Boris Kafin Ka Nemi Mai Shago

Ɗana, jawo benci ka zauna. Ba faɗa zan yi maka ba, amma borin da ka yi wa mai shago yau bai dace ba. Ka miƙa masa tsohon boris cike da baƙin giris, ka ce ya ba ka irinsa, ya duba da ido ya ba ka. Da ya ƙi zama a taya sai ka ce ya cuce ka. Shi abin da ka tambaya ya ba ka, kai ne ba ka san abin da kake nema ba.

Rashin kwali ko takarda ba ya hana boris suna, domin sunansa a jikinsa yake. Da ka wanke shi da kananzir ka goge da tsumma, ka juya shi a hasken rana, da ka ga lamba a gefen zoben waje ko a kan robar da ta rufe ƙwallayen. Naka 6301 ne, ga shi har yanzu ana karantawa. Wanda ka sayo 6201 ne.

Bari in karanta maka lambar. Shida ta farko tana nufin boris ne mai ƙwallaye layi ɗaya, irin wanda aka saba sa wa tayar babur. Lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin ramin tsakiya: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 kuma 17. Daga 04 zuwa sama sai ka ninka sau biyar, wato 04 milimita 20 ke nan. Ka ga duka biyun da 01 suka ƙare, shi ya sa sandar tayar ta shige sabon cif-cif har ka ɗauka ka dace. Inda suka rabu ita ce lamba ta biyu, mai nuna girman jiki. Faɗin 6201 daga waje milimita 32 ne, kaurinsa 10, shi kuwa 6301 faɗinsa 37, kaurinsa 12. Milimita biyar ɗin nan ita ce ta sa yake yawo a gidansa. Kuma kada in ji ka ce za ka naɗa masa gwangwani ya cike gurbin. Na san ana yi, amma tayar mutum ce, da iyalinsa yake hawa.

Haruffan da ke biye da lamba su ma magana suke yi. In ka ga 2RS, roba ce ta rufe shi gefe biyu, in kuma ZZ ne, murfin ƙarfe ne. A taya, da ƙurarmu ta rani da ruwan damina, ni mai roba nake zaɓa.

To, wata rana za a kawo maka wanda tsatsa ta cinye lambarsa, ko ya tarwatse ƙwallayen suka zube. Nan awo zai yi maka aiki. Ɗauki kalifa, kada ka yi da rular makaranta, domin bambancin milimita ɗaya ko biyu yakan ɓace mata. Abu uku za ka auna: ramin ciki, faɗin waje, da kauri, kuma ukun sai sun cika. Dubi 6300 da 6202: kowanne faɗinsa 35, kaurinsa 11, in ka jera su a tebur sai ka rantse tagwaye ne. Amma ramin na farko 10 ne, na biyu 15. Idan tsohon ya lalace da yawa, bar shi, ka auna kaurin sandar tayar da faɗin gidan da boris ɗin ke zama, su ba su cika canzawa ba.

Sunan babur kaɗai kuma bai isa ba. Ka ce na Boxer ko na Jincheng, alhali mashin ɗin ya ratsa hannun makanikai da yawa, wataƙila tayar ma ba tasa ta asali ba ce. Ka lura daga ina ka ciro shi, gaba ko baya, dama ko hagu, don a wasu baburan ba ɗaya ba ne.

In ka kawo na daidai, ba zai faɗa gidansa da yatsa ba, sai an bi shi da bugu a hankali, kuma a zoben waje kawai, ban da na ciki. Idan lamba ta yi daidai amma ya shige sakwa-sakwa, gidan ne ya cinye, sabon boris ba zai warkar da shi ba, sai a gaya wa mai babur gaskiya.

Yanzu tashi ka rubuta 6301 2RS a takarda, ka haɗa da tsohon a leda. Ka mayar wa bawan Allahn nan kayansa, ka ba shi haƙuri tukuna, sannan ka nuna masa lambar. Allah ya yi maka albarka.