Lambar da Ta Shigo Wayarka, Kada Ta Fita ta Bakinka

Jama'a, ina roƙonmu da mu riƙe ɗabi'a guda: duk wanda ya kira ya ce daga banki ne, sannan ya nemi ka karanto masa wata lamba, kashe wayar.

Abin da ya sami maƙwabcina mai sayar da hatsi ne ya sa nake wannan magana. Ranar kasuwa, yana tsakiyar awo, wani ya kira shi da ladabi: "Ranka ya daɗe, daga banki ne." Ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya ce BVN ɗinsa ta samu matsala, in ba a gyara ba za a rufe asusun kafin la'asar. Hankalin bawan Allah ya tashi. Ya zaro katinsa ya karanto lambobi 16 na gaba, da ranar ƙarewar kati, da lambobi 3 na baya. Mai kiran ya ce, "Yanzu saƙo zai shigo da lambobi 6, karanto min." Ya karanto. Bai mayar da wayar aljihu ba sai ga alat, Naira 180,000 ta fita.

Ku lura da abin da ya faru. Da bayanan katin ɓarawon ya fara sayayya a intanet, amma cinikin ba ya faɗawa sai da OTP, lambar da banki ke turo wa mai asusu don ya tabbatar shi ne da kansa. Saƙon na gaske ne, har an rubuta a ciki cewa kada a nuna wa kowa. Ƙofar ƙarshe ke nan, kuma maƙwabcina ya buɗe ta da bakinsa.

Sanin sunanka ba shaida ba ne, domin irin waɗannan bayanai muna barin su a fom da takardu barkatai. Haka ma saƙon waya: ana iya ƙirƙiro shi da sunan banki har ya faɗo cikin jerin alat ɗinka na gaske. In ya zo da adireshin da za a latsa, kada ka taɓa.

Ma'aikacin banki ba ya tambayar PIN ko OTP. Gaggawar da ake cusa maka kuwa, da gangan ne, don kada ka samu sararin shawara. In zuciyarka ba ta kwanta ba, juya katinka ka kira lambar wayar banki da ke baya da kanka, ko ka taka zuwa reshe.

Wanda ya riga ya faɗi lambar, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya toshe katin nan take ta manhajar banki ko lambar USSD ta toshe asusu, sannan ya kai ƙorafi reshe a ranar. Wannan lamba ta USSD a neme ta tun yau, a rubuta wa iyayenmu a takarda, a ajiye musu kusa da katin.