Awakin Maraya Ba Naka Ba Ne

Ɗana, zauna ka saurare ni. An yi sadakar bakwai, masu ta'aziyya sun watse, an kuma raba gadon wanka. Yanzu 'ya'yansa biyu suna gidanka, kuma rabonsu yana hannunka. Jiya na ji ana ta yaba maka a ƙofar masallaci, ana cewa baffa uba ne. Gaskiya ne, amma ni tsoro na ji maka, domin na ga mutanen kirki da yawa da dukiyar maraya ta ɓata ba tare da sun taɓa yin niyyar sata ba. Da kaɗan-kaɗan abin ke shiga.

Kai ɗan Sifawa ne, don haka ba ka da uzurin jahilci. A garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna nan kusa a Boɗinga, shi ne mai tafsirin Diya'ut Ta'wili. Ƙasar da ta ga irin waɗannan malamai bai dace a ce ana cin kayan maraya a cikinta da sunan zumunci ba. Bari mu bi ayoyin a hankali, mu ji yadda magabata suka fahimce su, sannan mu auna su a kan abin da ke cikin garkenka da rumbunka.

Marigayi ya bar mata ɗaya, ɗa da 'ya, iyayensa sun riga shi. Cikin awaki 24 matar ta ɗauki tumuninta, wato 3. Sauran 21 aka ba namiji 14, mace 7. Ga gonar gero, ga 'yan kuɗi. Abu na farko da nake so ka sani shi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya zama baffa kaɗai ba ya ba mutum ikon sarrafa dukiyar yaro. Ikon na uba ne, sai wanda uban ya yi wa wasiyya, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. In wanka bai bar wasiyya ba, je ka kotu a tabbatar da kai, a rubuta abin da ka karɓa: akuya kaza, mai ciki kaza, gona daga nan zuwa nan. Wannan takarda garkuwarka ce nan da shekara goma, ranar da mutane za su manta amma bakinsu ba zai yi shiru ba.

Aya ta 2 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba marayu dukiyarsu, ta hana musanya mummuna da kyakkyawa, ta kuma hana mutum ya cinye tasu haɗe da tasa. Ibnu Kasir ya kawo bayanin Suddi a kan wannan musanya: mutum ya ɗauke tunkiya mai ƙiba daga garken maraya ya mayar da ramammiya, ya ce ai tunkiya ce a madadin tunkiya. Ka ga dabarar? Lissafi bai canza ba, awaki 21 suna nan, amma an yi zalunci. Haka za ta zo maka ranar Sallah ko ranar suna, ka ga bunsurun yaron ya fi naka cika ido, zuciya ta ce ɗauka, ka mayar da wani. In annoba ta shiga garke kuma, sai ka ji duk wadda ta mutu ta marayu ce, masu rai na mai gida. Maganin wannan shi ne shaida a kunnen kowace dabba tun yau, a gaban uwarsu.

To, ko sai ka raba musu tukunya? Sahabbai sun taɓa yin haka. Ibnu Abbas ya ba da labarin cewa da aka saukar da ayar da ta hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau, wadda ke An'ami 152 da Isra'i 34, da kuma aya ta 10 a Nisa'i mai cewa masu cin ta da zalunci wuta suke zubawa cikinsu, sai masu riƙon marayu suka firgita. Suka ware abincin maraya daban, in ya rage a ajiye masa har ya ci ko ya lalace. Abin ya yi musu tsanani, sai aya ta 220 a Baƙara ta sauka da sauƙi: kyautata musu shi ne abin nema, in an cuɗanya da su 'yan'uwa ne, kuma Allah Ya san mai ɓarna daga mai gyara. Saboda haka ku ci tuwo ƙwarya ɗaya. Sai dai ka auna. Gidanka baki goma ne har da su biyu. In gidan ya ci buhu biyar na gero, abin da za a ɗiba daga rumbunsu kada ya wuce buhu ɗaya, ko ma ƙasa, tunda cikin yaro bai kai na babba ba. In ka wayi gari rumbunsu ne ake buɗewa kullum naka yana rufe yana jiran tsadar bazara, to, ka fita daga cuɗanya ka shiga ci.

Yanzu ga inda aka fi zamewa, wato ladan wahalarka. Aya ta 6 a Nisa'i ta kasa masu riƙo gida biyu: mawadaci ya kame hannunsa, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani na adalci. Mece ce iyakar wannan? Tafsirin Jalalaini da ake karanta mana da azumi ya ce gwargwadon ladan aikinsa. Ibnu Kasir ya kawo ma'aunin malaman fiƙihu da ya fi wannan tsauri: a duba ladan da ake biyan mai irin aikin, a duba buƙatar mai riƙon, ya ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Mu ce gonarsu ta ba da dami 40 bayan an fitar da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, kuma a al'adar gari mai kula da irin wannan gona dami 10 ake ba shi. In giɓin gidanka dami 6 ne, 6 za ka ɗauka. In giɓin 15 ne, 10 za ka ɗauka, sauran ka nema a wani wuri. In kuwa rumbunka ya ishe ka shekara, ko zangarniya ɗaya kada ka taɓa, ladanka yana wurin Allah.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wani mutum da ya tambayi Ibnu Abbas ko ya sha nonon raƙuman marayan da yake riƙo. Ya ba shi izini da sharaɗi: in shi ke neman wadda ta ɓata, yana yi wa mai ƙazuwa magani, yana gyara wurin shan ruwa yana shayar da su, to ya sha, amma kada ya cutar da 'ya'yan, kada ya tatse hantsar ƙarƙaf. Ka lura, nono aka ba shi, ba raƙuma ba. Game da ko matalauci zai biya abin da ya ci in ya samu, magabata sun saɓa. Sayyidina Umar ya ɗauke shi tamkar bashi, Ƙurɗubi kuma ya kawo cewa Hasanul Basari da wasu ba su wajabta biya ba, kuma a kan haka malaman fiƙihu suka tafi. Ni dai shawarata, rubuta duk abin da ka ci. In Allah Ya buɗa maka, mayar. Barcinka zai fi daɗi.

Kada kuma tsoro ya sa ka binne kuɗinsu. A Muwaɗɗa ɗin dai an ruwaito Umar yana umarni a yi fatauci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha tana ba 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya. A wurinmu zakka tana hawa dukiyar yaro in ta kai nisabi, ga shi kuma kuɗin yau darajarsu zubewa take yi. Sayi ɗan maraƙi a yi musu kiwo, ko ka ba amintacce ya juya, ribar tasu ce. Amma kada ka zuba su cikin jarinka ba lissafi, kada ka saya wa kanka kayansu da farashin da ka yanka da bakinka, gonar kuwa kada ka sayar sai da larura bayyananniya da sanin alƙali.

Aya ta 6 ɗin nan ta kuma ambaci wata cuta da sunanta: gaggawar cinye dukiyar don gudun kada su girma su karɓa. Za ka gane ta kama ka ranar da ka ga gemun yaron ya fara fitowa, maimakon murna gabanka ya faɗi.

Miƙawa tana da sharaɗi biyu, balaga da hankalin riƙon dukiya, wanda ake ce wa rushdu. In alamun balaga ba su bayyana ba, Shafi'i ya tsaida shekara 15, mashahurin zancen Malikiyya 18. Amma shekaru kaɗai ba su isa ba, shi ya sa ayar ta fara da umarnin a jarraba su. Ƙurɗubi ya kawo yadda ake yi: a ba yaro kaɗan ya sarrafa, ko a damƙa masa cefanen gida na wata guda ana sa masa ido, yarinya a ba ta abin da matan gida ke juyawa, kamar audugar kaɗi. Kai ma ba shi akuya ɗaya ya kai kasuwa ya dawo maka da lissafi. Ita kuma bar mata kuɗin ƙulli-ƙulli ko na ɗinki ka ga yadda za ta yi. In ya ɓarnatar, ƙara haƙuri, domin aya ta 5 ta hana damƙa dukiya ga wanda bai san darajarta ba. Abu Hanifa ya ce in ya kai 25 a ba shi ko yaya, sauran malamai suka ce sai hankalin ya samu. Sai dai kada ka mai da wannan mafaka, yaro yana noma yana ciniki kana cewa har yanzu bai yi wayo ba. Awaki 7 na yarinyar nan da abin da suka haifa nata ne, ba a narkar da su cikin kayan ɗaki ba da saninta ba, ba kuma a miƙa wa wanta ko mijinta.

Ranar miƙawa, kira shaidu. Umarnin aya ta 6 ne, kuma a wurin Imamu Malik in yaron ya musanta, ba a karɓar maganarka cewa ka ba shi sai da shaida. Tara limami da dattawa biyu da uwarsu, fito da takardar farko, a ƙirga awaki a tsakar gida, a zaga iyakar gona, kowa ya sa hannu. Ayar ta rufe da tunatar da cewa Allah Ya isa mai hisabi, domin akwai abin da shaidu ba za su taɓa gani ba, kamar mudun da aka ɗiba da dare.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cin dukiyar maraya cikin zunubai bakwai masu halakarwa, kuma shi ne ya yi wa mai riƙon maraya bushara da kusanci da shi a Aljanna. Duka biyun suna cikin gidanka yanzu. Kai ma kana da 'ya'ya ƙanana, ba ka san hannun wa za su faɗa ba. Tashi ka sayi littafin rubutu yau, ka fara da ƙirga awakin. Allah Ya ba ka ikon sauke wannan amana.