Mafarki Ba Ya Zama Shaida

Bari mu buga misali da yaro ɗan makaranta wanda ya koma gida Wurma hutun damina. Ran nan da dare ya yi mafarki wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta biyo shi a guje cikin dawa, ya farka jikinsa zafi rau. Gari na wayewa ya gaya wa uwarsa, uwar ta gaya wa kishiyarta, kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya, wai tsohuwa ta kama kurwar yaro. To, 'yan makaranta, tambayarmu ke nan: abin da mutum ya gani cikin barci ya isa a kama wani da shi?

Malamai sun karantar da mu, bisa hadisin da Muhammadu ɗan Sirina ya karɓo daga Abu Huraira, cewa mafarki iri uku ne. Akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, watau abin da mutum ya yini yana saƙawa shi ya ke dawo masa da dare. Wanda ya kwana da ƙishirwa ya ga kogi, ba ya bukatar mai fassara.

Na farkon nan ba abin wasa ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira shi kashi ɗaya cikin kashi 46 na annabci, ya kuma ce wanda ya fi gaskiyar magana shi ya fi gaskiyar mafarki. Amma fa bushara ce ko gargaɗi ga mai ita, ba doka ba ce. Ku dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Cikin 1794, yana da shekara 40, ya ba da labarin ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Duk da haka bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804, bayan shekara goma. Da ya zo rubuta wajabcin hijira kuwa cikin 1806, ayoyi da hadisai da maganganun malamai ya jera wa jama'a. Har ma Imamu Nawawi ya ce, in mutum ya yi mafarki an ce masa gobe azumi, alhali ba wanda ya ga wata, ba a ɗaukar azumi da wannan. Dalili kuwa, mai barci ba shi da cikakken hankalin da zai riƙe magana daidai. Abin da bai isa ya tsai da wata ba, ƙaƙa zai isa ya ɓata sunan baiwar Allah?

Sai mu koma wajen yaronmu. Abin da Annabi ya hore shi da shi kaɗan ne. Da ya farka, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, iska ce mai ɗan danshi, ba kaki ba. Ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani. Ya juya ya kwanta bisa ɗaya gefen. In tsoro bai sake shi ba, ya tashi ya yi alwala ya yi salla. Sa'an nan na ƙarshe, wanda ya fi wuya, kada ya gaya wa kowa. An yi masa alkawari in ya yi haka mafarkin ba zai cuce shi ba. Sahabi Abu Ƙatada ya ce mafarki ya kan sa shi ciwo, sai da ya ji wannan horo ya sami sauƙi.

Watakila waninku ya ce, to in gargaɗi ne na gaskiya fa, shiru ba zai jawo hasara ba? Amsa ita ce, gargaɗi na gaskiya gyara ya ke sa mutum, ya tuba, ya biya bashi, ya yi sadaka, duk kuwa yana iya yinsu bakinsa a rufe. Ko mafarkin alheri ba a faɗa sai ga masoyi ko masani. Kun dai san Annabi Yakubu ya hana Yusufu gaya wa 'yan'uwansa nasa. Amma mafarkin da zai sa ka ƙi maƙwabci, ka san daga inda ya fito, gama raba zumunci sana'ar Shaiɗan ce.

Zafin jikin kuwa, shi ne bai kamata a ɓoye ba. Damina lokacin sauro ce, zazzaɓi kuma ya kan kawo munanan mafarkai. Sai yaro ya ce wa iyayensa ba shi da lafiya, a kai shi asibiti, a bar tsohuwa ta ɗebi ruwanta lafiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah ya ba mu barcin lafiya, ya tsare harsunanmu in mun farka, amin.