Ku ɗaure rubutu da numfashin mai bege

Ƴan'uwana masu haɗa bidiyo a shagunan cajin waya na Birnin Ƙwanni, da ku samarin Malbaza da Illela da Tajaye da kuke kwana kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi kuna ɗora baitocin bege a kan hoto, da ku nake. Na san abin da ake ce muku: ai rubutu ne kawai, danna ka wuce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama awa uku a kan waƙar minti shida ba, wuta ta ɗauke, zafi ya dame shi, mai waƙa kuma yana ta kira yana tambaya ko an gama kafin Mauludi. Ku ɗaga kai. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kuma ƴarsa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan ƙauye, jajoji suna ɗauke da baitocin daga gari zuwa gari. Yau baitin a waya yake tafiya, ku ne kuma kuke ɗora shi a hanya, don haka ku ɗora shi daidai.

Abin da ke ba sabon hannu wahala shi ne yana bin agogo, alhali mai bege numfashinsa yake bi. Ku ɗauki tahamisi, baiti mai ɗango biyar irin wanda ake rera Ishiriniya da shi. Na taɓa auna wani malami da ya rera ba kiɗa: baitin farko ya ci daƙiƙa 24, don yana jan murya yana neman zama. Da jiki ya yi zafi, a baiti na takwas, daƙiƙa 18 kacal ya ci. Wanda ya auna baitin farko ya kwafe tsawonsa ya liƙa wa sauran, kafin tsakiyar waƙa rubutu yana gabas murya tana yamma. Ko da mandiri ana bugawa, kada bugun ya ruɗe ku, domin sau da yawa mai waƙa kan shigo kafin bugu ya faɗi, ko ya ɗan jinkirta don daɗi. Kowane ɗango sai an saurare shi da kansa.

Ga yadda nake yi. Kafin in taɓa lokaci, sai na rubuta waƙar duka, ɗango ɗaya layi ɗaya, na kai wa mai ita ko wani malami ya duba, musamman inda Larabci ya shigo. Sannan in buɗe sautin inda zan ga zanen murya. A kwamfuta Aegisub da Subtitle Edit kyauta ne, a waya kuma CapCut na nuna zanen idan ka buɗa shi da yatsu biyu. Ku dubi zanen nan da kyau. Kafin kowane ɗango akwai ɗan kwari, a cikinsa akwai ɗan tudu siriri: nan ne mai waƙa ya ja numfashi. A kan wannan tudun nake sa farkon layi, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin murya ta fito. Dalili kuwa, mai kallon irin wannan bidiyo so yake ya bi da bakinsa. Tsohuwa tana tsintar wake, jikarta ta riƙe mata waya tana karanto mata. Idan rubutu ya fito tare da murya daidai, ido bai riga baki ba, kullum a baya za su kasance.

A fayil na SRT abin haka yake kama:

```
7
00:01:12,350 --> 00:01:16,900
```

Murya ta fara a 12,600, ni kuwa na shigo da layi a 12,350. Ƙarshensa kuma ban yanke shi inda kalma ta ƙare a takarda ba, sai inda jan muryar ya mutu, don mai bege na iya riƙe gaɓar ƙarshe daƙiƙa biyu cur. Idan amshi ya hau kan jan muryar, to amshi ya samu layinsa daban, da launinsa daban, a ƙasa, ya bar ɗangon jagora ya ƙarasa a sama.

Akwai inda nake so ku tsaya ku yi hattara, don a nan aikinku ya bambanta da na mai sa rubutu a fim. Ɗango ya yi tsawo, fuskar waya ƙarama ce, dole a raba shi. A ina za a raba? Hausa tana kore magana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ka yanke tsakaninsu, rabin na biyu ya fito shi kaɗai, sai ya tabbatar da abin da mai waƙa ke korewa. Mafi nauyi ita ce kalmar shahada: idan ta zo cikin baiti, kada korewar ta tsaya ita kaɗai a allo, togewar kuma ta biyo bayan daƙiƙa uku. Mutane suna tsayar da bidiyo su ɗauki hotonsa su tura. Ku rage girman harufa, ku yi layi biyu a allo ɗaya, amma jimlar ta fito a cike. Haka salati bayan sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kada a raba shi da sunan.

Ni ma na taɓa faɗawa rami. Wata rana na yi aikin dare guda da abin kunne marar waya, ina jin komai ya zauna ɗas. Da safe na kunna a lasifikar waya, sai ga kowane layi ya makara. Bluetooth ne yake jinkirta sauti kafin ya kai kunne, ni kuma ina danna alama a kan abin da na ji a makare. Tun daga ranar, da abin kunne mai waya nake aiki. Amma dare bai tafi a banza ba, kuma ga abin da zai cece ku ku ma: in rubutu ya kauce, ku duba wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Idan tazarar ɗaya ce a ko'ina, ba sai an sake komai ba. A Aegisub ku shiga Shift Times ku matsar da layukan duka lokaci guda. Idan tazarar tana ƙaruwa, to saurin bidiyon ne aka canza, kamar daga hoto 23.976 a daƙiƙa zuwa 25, wanda a waƙar minti shida yakan kai kusan daƙiƙa 15. Idan kuwa daidai yake har wani wuri sannan ya yi tsalle, wani ne ya yanke tari ko gyaran murya daga sautin bayan kun gama, sai ku matsar daga nan zuwa ƙasa kawai. Shi ya sa nake gaya wa mai waƙa tun farko: Malam, a ba ni sautin ƙarshe, wanda ba za a ƙara taɓawa ba.

Harufanmu masu lanƙwasa kuma kada ku sayar da su don sauri. Ku ajiye fayil a UTF-8, ku zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, in ba haka ba akwati-akwati za su fito, ko ƙasa ta koma kasa a tsakiyar yabo.

In kun gama, kada ku saki tukuna. Ku tura wa kanku ta WhatsApp, ku buɗe a waya mafi rauni da ke shagon, ku fita rana da ita ku gani ko ana karantawa. Sannan ku kira yaron da bai taɓa jin waƙar ba, ku ba shi ya bi rubutu da murya. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyaranku yake. Ku ƙi karɓar kuɗin danna-ka-wuce a kan aikin awa uku. Ku nuna wa mai waƙa zanen muryarsa da alamominku a kai, ku faɗi farashinku ba tare da sunkuyar da kai ba, kuma ku sa sunanku a ƙarshen bidiyon. Watan Mauludi na tafe, zawiyoyi da makarantun allo daga Ƙwanni har Tajaye za su kawo sauti. Ku yi cajin waya, ku nemo abin kunne mai waya, ku buɗe baitin farko. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.